Gauta Mai Hannu Huɗu

Ni dai a aji biyar muka rabu da lakol, makarantar boko ke nan. Mutane na cewa korata aka yi, ni kau na san ranar da na ajiye masu allonsu na ce su huta. Abin da na fito da shi bai taka kara ya karya ba. Ina karanta takarda in an ba ni lokaci ina bi da yatsa, kuma na iya zagi da faransanci har jandarma ya waiwayo. Da rani ina tashar Agiye ina loda buhunan gyaɗa a kamyo, manyan motocin kaya, da damina in komo ƙauyenmu, can gabas kan hanyar Gazawa, in kama hauya a gonar kawuna. A gidansa na tashi, tun da ubana ya rasu innata ta komo da ni.

Kawu na da ɗa sa'ana, taubashina ke nan. Tun muna tsirara nake ce mashi bawana, shi ma yana ce mani bawansa, ba kuma mai raba wannan shari'a. Rana ɗaya aka kai mu lakol. Ni na tsaya a hanya, shi ya yi ta tafiya har lise, babbar sakandare, a Yamai, shi kaɗai a duk ƙauyukan da ke cin kasuwarmu. Lokacin ba a daɗe da canza tuta ba, ana ta cewa ɗiyan ƙasa ne za su gaji kujerun Nasara. Kawu bai taɓa faɗi da baki ba, amma kowa ya san ya riga ya hango ɗansa zaune cikin buro, ofishin gwamnati.

Daminar da nake ba ku labari, taubashi ya sauko hutu ana tsakiyar noman fari. Ya rame, wuya kamar na zalɓe, ga wani littafi ƙato a hammata. Ya miƙa wa Kawu takardar lakol, Kawu ya mayar mashi ya ce ya karanta.

Ya duba, ya yi tari, ya ce, "Baba, sun ce ina ƙoƙari."

Kawu ya juya takardar gaba da baya. "Rubutu har bayanta, duk abin da ta ce ke nan?" Ya miƙo mani. "Kai, zo ka karanta. Kai ba ka da abin ɓoyo, naka ya riga ya fito fili."

Na sa yatsa na bi ta baƙi bayan baƙi, ina jin idon taubashi a ƙeyata. Ya faɗi a shimi. Ba wadda mata ke sawa ba, wani karatu ne na ƙananan ƙwayoyin da aka gina kowane abu da su. Ranar komawa, cikin Oktoba, za a tsai da shi gaban tabulo, baƙin allon aji, a sake gwada shi. In ya ci ya wuce, in bai ci ba a sallame shi, don ya riga ya maimaita aji sau ɗaya.

Kawu ya karɓi takardar daga hannuna ya ninke. Can ya ce, "To. Daga yau ba ka ba gona. Ka zauna ka ci littafin nan. In ka faɗi, ga hauya can jingine, ba ta gaji da jira ba." Ya dube ni. "Kai kuma ka haɗa da kuyyoyinsa."

Kun ga inda aka saka ni. In ya ci, ni da hauya biyu har abada. In ya faɗi, in samu abokin noma. Ba zan yi maku ƙarya ba, a makon farko addu'ata ba ta bi inda ta Kawu ta bi ba.

Kullum na taso daga gona da azahar, bayana kamar an daka, sai in tarar da shi gindin tsamiyar ƙofar gida bisa tabarma, yana rangaji gaba da baya yana hadda. Wata rana na zauna mashi bisa gefen tabarma da ƙurata da komi, na leƙa littafin.

"Bawana, wanga kuma taswirar wane gari ce?"

"Tashi mani, kana warin zufa."

"Zufar gonar ubanka ce. Ina tambaya, nan mararraba ce?"

Abin da na gani, harafin C ne a tsakiya, layi huɗu sun fita daga jikinsa, gabas, yamma, kudu, arewa, kowane da H a bakinsa. Shi kau taubashi, in kana son ya yi magana, nuna mashi ka fi shi jahilci. Ya gyara zama ya ce C ɗin nan karbon ne, shi ne gawayi, shi ne baƙin tukunya. H kuma idrojen. Kowane layi hannu ne, wannan ya riƙe wancan.

"Karbon hannunsa huɗu," in ji shi. "Ba uku ba, ba biyar ba. Idrojen ɗaya tak. Duk zanen da ka gani, ƙirga hannaye, in ba su cika ba ƙarya ne."

"To nan da aka yi layi biyu jere? Mai zanen ne ya yi kure ya sake?"

"Jaki. Karbon biyu ne suka riƙe juna da hannu biyu-biyu. Ga na uku-uku nan ƙasa."

Ya buɗe wani shafi, ga wani abu mai kusurwa shida kamar ɗakin saƙar zuma, ba ko harafi ɗaya a jikinsa. Ya ce a kowace kusurwa akwai karbon zaune da idrojen ɗinsa guda, ba a dai rubuta su ne don kowa ya san suna nan. Na ƙirga: layi biyu ta wannan gefe, ɗaya ta wancan, da na idrojen da aka ɓoye, huɗu. Na ce lalle mutanen nan sun iya rowar tawada.

Muna cikin haka sai ga kakarmu, wadda ta haifi Kawu da innata, ta fito da faifan gauta za ta shanya. Mu biyu duk mazanta ne a wasa, shi tana ce mashi ango, ni tana ce mani tsohon miji wanda ba ya cefane. Ta duƙa ta ƙura wa shafin ido.

"La'ila! Ashe su ma Nasara suna da hatimi?"

"Tsohuwa, ba hatimi ba ne, karatu ne," in ji taubashi.

"Rufe mani baki. Na ga hatimi tun ubanka bai yi haƙori ba. Ga gidaje, ga baƙaƙe a kusurwa. Yo wa ya ce maka ana haddace hatimi? Sha ake yi."

Ya yi tsaki ya juya mata baya. Ita kau ta ƙifta mani ido.

Washegari da safe, kafin in tafi gona, ta jawo ni bayan rumbu. Ta riga ta kankaro baƙin tukunya ta dama da ƙaro, ga tsinke, ga sabuwar ƙwarya. Ta ce ba za ta sa abin Nasara bisa allon karatun Allah ba, in zana mata cikin ƙwaryar. Na ɗauko littafin lokacin da taubashi ya zagaya bayan gida, na zana mata C da layukansa. Da na zo na huɗu sai na tuna bayana da ke ciwo, na ƙara mashi na biyar, na ɗora H a bisa. Ta bari ya bushe, da rana ta dama fura a ciki ta kai wa angonta da hannunta.

Na dawo na iske yana lashe ludayi.

"Fura ta yi daɗi, bawana?"

"Ta ɗan yi duhu yau."

"Ai dole. Shafi guda ka shanye."

Na ba shi labari tiryan-tiryan, har na zana mashi a ƙasa abin da ya sha. Na ɗauka tawadar za ta tayar mashi da hankali. Ina! Ya dubi ƙasa, ya ƙirga, ya miƙe tsaye.

"Biyar? Hannu biyar ka ba ni na sha?"

"Gyara ce na yi maka. Ko a kasuwa in ka sayi huɗu ana ƙara ɗaya."

Ya bi ni da takalmi har bakin rijiya. Kaka na daga zaure tana cewa, "Kun gani ko? Tun yanzu ya fara aiki, dubi gudu!"

Da yamma da ya huce, ya kira ni da kansa. Wannan karon ba wasa a fuskarsa. Ya buɗe wani shafi da ya yi baƙi don yawan taɓawa, ya ce ga abin da ya kayar da shi. Zane biyu ne gefe da gefe. Kowane C a tsakiya, da H biyu, da wani Cl biyu, kulor sunansa, shi ma hannunsa ɗaya. A zanen farko kulor ɗaya na gabas ɗaya na yamma, sun sa karbon tsakiya. A na biyu ɗaya na gabas ɗaya na arewa, maƙwabta.

"Mushe, malaminmu, ya ce abu nawa ne nan. Kai me ka gani?"

"Biyu mana. Ko makaho ya shafa zai ce biyu."

"Haka na ce. Ya ce ɗaya ne."

"To ka ce ɗaya, ka huta, ni ma in san matsayina."

"Zai ce don me. Kullum sai ya ce don me." Ya rufe ido ya zubo mani haddarsa da faransanci, sannan ya juya mani ita: wai hannayen karbon ba kwance suke bisa takarda ba, kuma tsakanin kowane hannu biyu ba digiri tasa'in ba ne irin kusurwar ɗaki, ɗari da tara ne da rabi. Ya buɗe ido. "Na haddace tsaf. Amma idona bai yarda ba. In na tsaya gaban tabulo bakina na faɗin ɗaya, idona na ganin biyu, sai harshena ya sarƙe."

A ƙasan shafin akwai wani ɗan zane daban. Nan hannayen ba su yi mararraba ba: biyu sirara, ɗaya mai kauri kamar bakin mashi, na huɗu kuma an bi shi da shuɗin biro.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni. Layin ya fito guntu-guntu, tawadar masu bugawa ta ƙare. Na gyara su duka, har ƙarshen littafi."

Ƙarƙashin zanen ga wasu ƙananan baƙaƙe kamar ƙwan ƙuma. Shi ba ya karanta irinsu, wai ba a tambaya daga nan. Ni kau ban san wanda ake tsallakewa ba, in na sa yatsa har lambar shafi sai na karanta. Na bi su a hankali, na sake bi.

"Bawana, nan fa cewa aka yi layi siriri yana kwance bisa takarda. Mai kaurin nan ya taso yana nufo mai karatu. Mai guntu-guntu kuma ya shige bayan takarda."

Ya fizge littafin. Ya karanta. Ya buɗe gaba, ya buɗe baya, ko'ina ga shuɗin bironsa.

"Wato shekara guda," na ce, "hannu na gudu bayan takarda kana jawo shi da biro. Allah ya isar wa masu bugawa."

Ko da hakan bai gani ba. Ya ɗaga takardar sama, ya leƙa bayanta, ya ajiye, ya riƙe kai.

Abin da ya biyo baya, wallahi ba taimako na nufa ba. Ranar Juma'a ba mu zuwa gona da yamma, na ce bari in yi mashi ɗan tsana in riƙa tsokanarsa. Ni ne fa gwanin motar kara a unguwarmu tun ina ƙarami. Na zari gauta daga kwandon Kaka, na karyo ƙayar aduwa dogaye, na tsinto busasshen kashin awaki. Na soka ƙaya huɗu a jikin gauta yadda suke a littafi, gabas, yamma, kudu, arewa, na tsire kashin akuya a bakin kowace.

"Ga karbon ya zo gaishe ka. Ranka ya daɗe, an ce kana nemana."

Na so in tsai da shi a ƙasa ya yi mashi rawa, ya faɗi. Na sake, ya faɗi. Na ce wannan ɗan banza ba ya da ƙafa. Sai na zare ƙayoyin na sake soka su yadda ake girka murhu: uku a ƙasa sun baje, ta huɗu ta dubi sama. Ya tsaya cak. Na ture shi da yatsa, ya wuntsila, ya sake tsayawa bisa wasu ukun, wata ƙayar ta koma sama. Na ƙara gyara su har ya zamana ko ta ina ya faɗi kamarsa ɗaya.

Na ɗaga kai in ga ko ya ji haushi. Bakinsa a buɗe.

"Kar ka taɓa," ya ce a hankali. Ya kwanta rub da ciki bisa tabarma, ya sa ido daidai da gautar. "Biyu na gefe. Ɗaya ta nufo ni. Ɗaya ta shige baya." Ya zabura. "Yi mani wani! Nemo abin da zai zama kulor!"

Abu ja da ke kusa shi ne goron Kaka da ta naɗe a tsumma cikin zaure. Na ɓantaro huɗu. Muka yi gauta biyu, kowace da kashin akuya biyu da goro biyu. Ya ce ɗaya in yi mashi mai gabas da yamma, ɗaya mai maƙwabta. Na yi ta ƙoƙarin raba goron nan biyu su sa gauta tsakiya, abu ya ƙi. Duk ƙayar da na ɗora wa, maƙwabciyar ɗayar ce, don a tsayuwar murhu kowace ƙaya tana kusa da sauran ukun daidai wa daida. Ya ɗauki gauta ɗaya ya juya ta, ya ajiye kusa da ɗayar. Ko uwarsu ba ta raba su.

"Ɗaya ne," ya ce. "Wallahi ɗaya ne! Takarda ce ta danne shi, kamar kwaɗon da kamyo ya taka."

Ya ruga ɗaki ya ɗauko wani rabin faifai na auna kusurwa, ya kara a ƙayoyina. Ya wuce tasa'in nesa, yana wajen ɗari da goma. Ya ce saura kaɗan. Na ce ya kai ƙara wurin itacen aduwa.

Daga nan abin ya zama kamar an zuba wa wuta mai. Ya ce in haɗa gauta biyu da ƙaya ɗaya. Na haɗa, na murza, suna juyawa kamar mazari. Ya ce in sa ƙaya biyu jere. Na murza, suka ƙi. Ya ce a nan kowane karbon saura mashi hannu biyu, kuma duka suna kwance shafe ɗaya, digiri ɗari da ashirin tsakaninsu. Muka ba kowace gauta goro ɗaya da kashin akuya ɗaya. In goron biyu na gefe guda, suna nan gefe guda, ba ka iya murzawa ka kai ɗaya wancan gefe sai ka karya ƙaya.

"To wannan shi ne biyu na gaskiya," in ji shi, yana dariya shi kaɗai. Mai ƙaya uku kuma ya miƙe sambal kamar taɓarya.

Ba mu ji tahowar Kawu ba. Inuwarsa kawai muka gani bisa tabarma. Ya dawo daga duba gona, har da laka a ƙafa. Ya dubi ɗansa, ɗan lise, kwance cikin gauta da kashin awaki. Ya dubi littafin can gefe a kife. Kaka kuma ta fito tana kururuwar goronta, ta gan shi tsire bisa ƙaya, ta ɗora hannu a ka.

Kawu bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi ban tsoro.

"Na hana ka gona don ka yi karatu. Ashe wasan ƴar tsana kake da wannan da lakol ta tofar." Ya nuna ni da haɓa, ya koma kan ɗansa. "Ba sai an wahalar da kamyo ba. Gobe da asuba ka ɗauki hauyarka. Yamai ta ƙare."

Ga abin da na yi mako da makonni ina roƙo, an kawo mani har tabarma. Sai na ji bai yi mani daɗi ba ko kaɗan. Na buɗe baki, Kawu ya ce, "Kai, in na ji tarinka."

Taubashi ya tashi ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ka ba ni izini in nuna maka. In ka ga wasa ne, da kaina zan ɗauki hauyar."

Kawu ya tsaya, bai tafi ba. Taubashi ya buɗe shafin nan mai zane biyu ya ce abu nawa ne. Kawu ya ce biyu, yana tsammanin an mai da shi yaro. Taubashi ya ce shi ma haka ya ce aka kayar da shi. Ya ɗora gauta bisa zanen farko, ya nuna wace ƙaya ce wane layi. Ya ɗora ta biyu bisa ɗayan. Sannan ya miƙa mashi duka biyun ya ce ya juya su ya nemo bambanci. Ba faransanci ko kalma ɗaya, ba rangaji, harshe bai sarƙe ba.

Kawu mutum ne da duk rumbunan unguwarmu shi ke kafa su. Ya tsuguna. Ya juya gautar nan da manyan yatsunsa, ya ajiye, ya sake juyawa. Ya ture ta, ta tsaya.

"Mai ƙafa uku ba ya gurgunta," ya ce, kamar da kansa yake. Ya ɗauki mai ƙaya ɗaya ya murza, ya ɗauki mai ƙaya biyu ya murza ta ƙi. "Wannan kuma ai ɗaurin azara ne. Ka ɗaure wuri ɗaya ta yi ta juya maka, ka ɗaure wuri biyu ta zauna." Ya dubi ɗansa. "Don me suka zana shi kwance, alhali tsaye yake?"

"Takarda ba ta da ciki, Baba. Shi ya sa suke yin layi mai kauri da mai guntu-guntu, don a san wanda ya taso da wanda ya shige."

"Kai kuma ba ka sani ba sai yau?"

Taubashi ya sunkuyar da kai. Ni na ce, "Kawu, gyara masu ya yi ta yi da biro."

"Na ce in na ji tarinka." Amma na ga gemunsa na motsi. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. "Abin da gwamnati ke ciyar da kai shekara da shekaru a kansa ke nan? Da ka tambaye ni." Ya nufi cikin gida, ya tsaya bakin zaure. "Ku mayar wa tsohuwa goronta."

"Bayan ya kwana da kashin akuya?" in ji Kaka. "Su ci abinsu!"

Ba a sake zancen hauya ba, sai dai ni da na ci gaba da riƙe biyu. Sauran daminar nan kwandon Kaka bai huta ba. Har mai kusurwa shida muka gina, gauta shida, ya kwanta shafe ɗaya kamar faifai, akuya ta cinye shi kafin la'asar. Ranar tafiya na raka shi tashar Agiye, na samar mashi wuri bisa buhuna a kamyon wani direba da na sani. Na cusa mashi gauta uku da ƙunshin ƙaya a aljihu. Na ce kashin akuya ya nema can, na ji Yamai ma suna da awaki.

Wasiƙarsa ta iso muna cirar gyaɗa. Aka taru a zaure, Kawu da innata da Kaka, aka miƙo mani. Na sa yatsa. Na yi gaisuwa layi shida ban tsallake ko ɗaya ba, har Kawu ya ce in ban kai ga magana ba zai karanta ta bisa bayana da bulala.

Ya ce mushe ya tsai da shi gaban tabulo, bai ma kawo zane biyun nan ba, sai ya tambaye shi don me mai layi biyu yake da iri biyu. Ya zana, ya ƙirga hannaye, sannan ya nemi izini ya fito da gautar, ta yanƙwane don kwana uku a hanya amma ƙaya ta kama. Mushe ya murza da hannunsa ta ƙi juyawa. Sai ya koma kan karbon guda, taubashi ya zana mashi mai kauri da mai guntu-guntu, bai cike ko ɗaya ba. Ya ci. Ya wuce aji na gaba.

Innata ta rangaɗa guɗa. Kawu ya ce alhamdu lillahi sau uku yana kallon ƙasa. Kaka ta ce ita ba ta yi mamaki ba, ta san abin da ta dama.

Saura layi ɗaya a ƙasa. Ya rubuta cewa mushe ya tambaye shi wa ya koya mashi wannan dabara, ya ce wani bawansa ne a ƙauye. Na dubi zauren, ba mai iya karatu sai ni.

"Ya ce mushe ya tambayi wa ya koya mashi, ya ce ubangidansa ne da ya bari a gida, kuma yana roƙon a rage mashi aikin gona."

Kawu ya karɓi wasiƙar, ya juya ta gaba da baya, ya ninke ya sa a aljihu.

"Madalla," ya ce. "In ya zo hutu ya karanta mani wurin da bakinsa. Kafin nan ubangida ya tashi, gyaɗa na jira."